Layi ɗaya a bayan webil

Yaran da ke shigowa aikin akanta yanzu suna ɗauka takardar rage bashi alfarma ce da ake roƙon dila ta waya. Mu da muka tsufa a aikin mun san hakki ce, kuma a bakin sito ake samunta ko a rasa ta, tun mota ba ta tashi ba. A da, mai sito ba ya sa hannu a webil sai ya ƙirga kaya, ya ware waɗanda suka lalace, ya rubuta adadinsu da irin lalacewar a bayan takardar, direba ya sa hannu a ƙasa. Daga nan akawu ya buɗe littafin mayar da kaya mai kabon, ya rubuta takardar neman ragi kwafi uku: ɗaya ta bi kayan, ɗaya ta tafi wurin akanta, ɗaya ta zauna a littafi. Wannan littafin ne ya ɓace, kuma ba a maye gurbinsa da komai ba.

A ce an kawo katan 200 na sabulu, kowanne naira 10,000, ruwa ya jiƙa 15. Abin da za a nema ba naira 150,000 kaɗai ba ne, domin an ɗora harajin sayen kaya na kashi 7.5 cikin ɗari, wato naira 11,250, jimla 161,250. Kafin 1994 babu wannan harajin, daga baya ya zo a kashi 5, sai a 2020 ya hau, shi ya sa tsofaffin akawu ma sukan manta da shi. Dole takardar ta ɗauki lambar takardar kuɗin da aka kawo kayan da ita, kuma idan an yi rangwame a ciniki, farashin bayan rangwame za a rubuta, in ba haka ba dila zai maido ta.

Za a ce ai sai a zare kuɗin wajen biya, a huta. To amma littafin dila zai ci gaba da nuna ana bin ka 161,250, kuma ranar da aka zo daidaita lissafi a ƙarshen shekara, wataƙila wanda kuka yi magana da shi ya bar aiki, direban ma an sauya shi. Wasu kuma su ce kasuwancin Kano kan amana ya ginu, daga Kwari har Singa. Gaskiya ne, sai dai amana tsakanin mutum biyu take, bashin kuwa tsakanin littattafai biyu yake. Hoton waya ma yana taimakawa, amma ba ya nuna a hannun wa ruwan ya shiga, kuma a kan wannan tambayar dila ke tsayawa ya ce a sitonka kayan suka jiƙe.