Tambayoyin tsaro: raunin amsar gaskiya da yadda ake ajiye ƙagaggiyar amsa

Tambayoyin tsaro su ne waɗanda banki ko shafin intanet ke yi wa mutum idan ya manta kalmar sirrinsa: garin haihuwa, makarantar firamare, sunan mahaifin mahaifiya. An gina su ne bisa zaton cewa mai asusu kaɗai ya san amsa, zaton da ba ya tsayuwa a ƙasar Hausa.

A Rano da Kibiya, kamar sauran garuruwan Kano, mutane da yawa da sunan garinsu ake kiransu tun daga rajistar makaranta. Ma'aikacin da sunansa ya ƙare da Kibiya, idan aka tambaye shi garin haihuwa, amsar tana jikin katin aikinsa. Makarantun firamaren da ke cikin garin kuwa ba su da yawan da zai gagari mai canki. Sunan kakansa na wajen uwa ma, maroƙa sun sha shelanta shi a wurin biki, sanarwar rasuwa ta maimaita shi a rediyo. Ta irin wannan ƙofa wani ɗalibi ya shiga akwatin Yahoo na Sarah Palin a 2008, bayan ya binciko ranar haihuwarta da inda ta haɗu da mijinta. Babbar illar ita ce, kalmar sirri idan ta fallasa ana sauya ta, amma ba a sauya garin haihuwa.

Mafita ita ce a ɗauki amsar tamkar kalmar sirri ta biyu. Sai dai ƙaryar da mutum ya ƙaga da kansa ba ta wadatar ba: wanda ya ɓoye Rano galibi Kano ko Makka zai rubuta. Binciken da Google ya fitar a 2015 ya nuna cewa masu amsar ƙarya sukan taru a kan amsoshi iri ɗaya. Don haka a bar wa manhajar ajiye kalmomin sirri, irin su Bitwarden ko KeePassXC, ta haɗo kalmomi huɗu ko biyar marasa alaƙa, misali `gravel-onion-tulip-harbor`. A rubuta tambayar da amsar a sashen `Notes` na wannan asusun kafin a tura, kuma kowane shafi da tasa amsar. Kalmomi sun fi tarkacen haruffa, domin wata rana za a iya buƙatar karanta su ga ma'aikacin banki ta waya.

Wannan dabara ba ta shafi bayanan BVN da NIN ko takardar buɗe asusu ba; can gaskiya ake rubutawa. Kuma wanda ya manta babbar kalmar buɗe manhajar ya rasa amsoshin baki ɗaya, shi ya sa ake rubuta ta a takarda a kulle a gida.