Tsara Bayanin Gubar Abinci Bayan Walima: Nazarin Abin da Ya Auku a Oswego a 1940

Tsakure

Wannan maƙala ta yi nazarin yadda ake tattara bayanin gubar abinci bayan taron ciyarwa, ta hanyar bin diddigin binciken da aka yi a gundumar Oswego ta jihar New York a 1940. Da'awar maƙalar ita ce, bayanin ba ya zama hujja sai ya ƙunshi shaidar waɗanda suka ci abincin ba su kamu ba, da kuma sa'ar da kowane mutum ya ci.

Muƙaddima

A daren 18 ga Afrilu, 1940, mutum 80 suka halarci wata liyafa a majami'ar ƙauyen Lycoming, aka ci abinci iri 14 tun daga ƙarfe 6 na yamma har ƙarfe 11 na dare, kafin gari ya waye kuwa amai da gudawa da ciwon ciki sun kama fiye da rabinsu. Dakta A. M. Rubin, wanda aka ɗora wa binciken, ya sami zantawa da mutum 75, cikinsu 46 sun kamu, 29 lafiya lau. Ko da yake jama'ar majami'ar ne suka dafa abincin da hannunsu, ƙa'idar ba ta sake ba idan 'yan kwangilar girki ne suka kawo shi, domin sharaɗin ɗaya ne, wato mutane sanannu sun ci daga tukwane sanannu a lokaci ƙayyadadde.

Fasali na farko: zubin takardar

Mai bincike yakan fara da neman sunayen mahalarta da cikakken jerin abin da aka ci da abin da aka sha daga wajen mai girki, har da ruwa da ƙanƙara, sa'an nan ya ba kowane mutum layi guda: shekarunsa, sa'ar da ya ci, ko ya kamu, sa'ar da ciwon ya fara, alamomin da ya gani, da amsar i ko a'a a gaban kowane abinci. Wajibi ne a karanta wa mutum jerin ɗaya bayan ɗaya, domin idan aka ce masa kawai me ka ci, zai ambaci nama da shinkafa ya manta da miya da abin sha, wanda cikinsa ya ɓaci kuwa zai ɗora laifi a kan abin da ransa ya riga ya ƙi. Haka nan wajibi ne a yanke tun farko wane ne za a kira majinyaci, alal misali wanda ya yi amai ko gudawa cikin kwana uku bayan taron, a kuma tsaya a kan wannan haddi ga kowa, kada a riƙa faɗaɗa shi ko ƙuntata shi gwargwadon abin da ake so a samu.

Fasali na biyu: shaidar lokaci

Tazarar da ke tsakanin ci da fara ciwo ita ce ke nuna jinsin illar tun kafin ɗakin gwaji ya ce komai. Dafin ƙwayar sitafilokokas yakan tayar da amai cikin 'yan sa'o'i, galibi babu zazzaɓi. Kulostiridiyam fafirinjens takan ɗauki sa'a 6 zuwa 24, kuma gudawa ce ta fi yawa. Salmonela kuwa tana iya kai kwanaki, kuma tana zuwa da zazzaɓi. A Oswego tazarar ta kama daga sa'a 3 zuwa 7, matsakaiciyarta sa'a 4, babu wanda ya yi zazzaɓi, kuma duka sun warke cikin sa'a 24 zuwa 30, abin da ya karkata zato ga dafin da ya riga ya taru a cikin abinci kafin a ci.

Sai dai a nan ne raunin takardar Oswego yake, gama cikin majinyata 46, mutum 22 kaɗai aka rubuta sa'ar cin abincinsu, alhali liyafar ta ɗauki sa'a 5, tsawon da ya zarce matsakaiciyar tazarar ciwon kanta. Da an ɗauka kowa ya ci da ƙarfe 6, da lissafin ya kauce. Akwai kuma wani yaro da ciwonsa ya fara da ƙarfe 3 na rana, kafin a zauna cin abinci, wanda mai gaggawa zai share sunansa ya ce kuskure ne. Amma takardar ta nuna ya ci da ƙarfe 11 na safe, wato tazararsa sa'a 4 daidai da ta sauran. Saboda haka duk layin da ya fita daga sahu a koma wa mai shi da tambaya kafin a yanke masa hukunci.

Fasali na uku: auna abinci da abinci

Ga kowane abinci ana fitar da ƙididdiga biyu, wato kason waɗanda suka kamu cikin waɗanda suka ci, da kason waɗanda suka kamu cikin waɗanda ba su ci ba. Gasasshen naman alade shi ne abin da hankali zai fara tuhuma, tun da 29 cikin 46 da suka ci sun kamu, kashi 63 cikin ɗari. Amma 17 cikin 29 da ba su taɓa shi ba su ma sun kamu, kashi 59, don haka naman ya kuɓuta. Askirim mai banila kuwa, 43 cikin 54 da suka sha sun kamu, kashi 80, alhali 3 ne kurum cikin 21 da ba su sha ba, kashi 14, wato haɗarin ya ninka fiye da sau biyar. Da majinyata kaɗai aka tambaya, da babu abin da za a raba waɗannan adadi da shi, kuma da duk abincin da jama'a suka fi so ya zama abin zargi.

Askirim mai cakulan ya zo da abin mamaki, domin waɗanda suka sha shi kashi 53 ne suka kamu, waɗanda ba su sha ba kashi 74. Ba magani ba ne; bilhasali wanda bai zaɓi mai cakulan ba galibi mai banila ya sha. Mutum ukun da suka kamu ba tare da sun sha mai banila ba kuwa, la'alla mantuwa ce, la'alla cokali guda aka yi rabo da shi, kuma adalci shi ne a rubuta su yadda suke, kada a gyara amsarsu don lissafi ya yi kyau.

Fasali na huɗu: komawa madafa

Ƙididdiga tana nuna tukunya, tarihin girki ne ke bayyana sababi. An tabbatar cewa an haɗa askirim ɗin da madarar da aka tafasa ranar 17 ga Afrilu, aka bar haɗin ya kwana ba a cikin sanyi ba kafin a daskarar da shi, gwaji kuma ya sami sitafilokokas mai yawa a cikin mai banila. Daskarewa ba ta kashe wannan dafi, tafasa ma ba ta kashe shi, shi ya sa dole takardar ta ƙunshi sa'ar da aka dafa kowane abinci, da inda ya zauna, da hannun da ya taɓa shi. Ba a ɗauki bayan gidan majinyaci ko ɗaya don gwaji ba, wannan kuwa naƙasa ce da ba ta gyaruwa bayan an warke.

Kiranmu ga jami'an lafiya da masu kwangilar girki shi ne, da zarar an ji mutum biyu sun kamu da ciwo iri ɗaya bayan walima, a killace ragowar abinci cikin sanyi, a karɓi samfur daga majinyata, a kuma fara tambayar mahalarta duka, mai ciwo da mai lafiya, a ranar nan, tun ba a manta wa ya ci me da ƙarfe nawa ba.