Haɗa Jerin Kalmomi da Jerin Ma'ana ta Hanyar RRF: Nazarin Tasirin k a Neman Rahotannin Hausa kan Abaji

Tsakure

Wannan maƙala ta nazarci yadda RRF ke haɗa sakamakon BM25 da na kamancin bekta idan ana neman rubutun Hausa da ya shafi ƙaramin wuri kamar Abaji. Ta nuna da lissafi cewa idan k tana 60, takardar da hanyoyin biyu suka sa a tsakiyar jeri tana rinjayar wadda hanya ɗaya ta sa a kan gaba, kuma ta bayyana yadda ake gane wannan matsala.

Gabatarwa

BM25, wadda Robertson da abokan aikinsa suka gabatar a gwajin TREC na 1994, tana ba takarda maki gwargwadon kalmomin tambaya da ke cikinta, kuma kalmar da ba ta cika bayyana a taska ba ita ce mai nauyi. Hanyar bekta kuwa tana mayar da tambaya da takarda jerin lambobi, sannan ta auna kusancin ma'anarsu. Makin hanyoyin biyu ba a ma'auni ɗaya suke ba: na BM25 ba shi da iyaka ta sama, na kosin kuwa bai wuce 1 ba. Cormack da Clarke da Büttcher, a taron SIGIR na 2009, sun kauce wa wannan ta hanyar jingine makin gaba ɗaya, suka riƙe matsayi kawai:

```
RRF(d) = Σ 1 / (k + r(d)),   k = 60
```

A nan r(d) ita ce matsayin takarda d a kowane jeri. Jerin da takardar ba ta fito a cikinsa ba, ba ya ƙara mata komai.

Dalilin zaɓen Abaji

Abaji ɗaya ce daga ƙananan hukumomi shida na Birnin Tarayya, a kan hanyar Abuja zuwa Lakwaja, kuma kowace hanya tana da inda take tuntuɓe a kanta. Tsarin bekta ya ga Abuja sau ba adadi lokacin horo, bai ga Abaji ba sai jefi-jefi, don haka yakan ja tambayar zuwa labaran babban birnin. Akwai kuma Yaba ta Abaji da Yaba ta Legas. BM25 ta fi riƙe sunan wuri, amma ba ta san "gona" da "gonaki" abu ɗaya ba ne, balle ta gane cewa mai rahoton da ya rubuta "ruwa ya yi gyara" ambaliya yake nufi. Kundin gwaji na CIRAL na 2023 ya ƙunshi Hausa, sai dai tambayoyinsa da Ingilishi suke, saboda haka bai amsa wannan batu kai tsaye ba.

Misali a aikace

Misalin nan tsara shi aka yi domin lissafi. A ɗauka akwai taskar labaran Hausa, an nemi "ambaliya ta cinye gonaki a Yaba, Abaji", kowace hanya ta dawo da takardu 100.

Takarda A rahoto ce kan Yaba da kalmomin tambayar daidai. BM25 ta sa ta ta 1, bekta ta sa ta ta 4, makinta 1/61 + 1/64 = 0.0320. Takarda B kan ambaliyar Lakwaja ce, ta 9 a BM25, ta 1 a bekta, makinta 0.0309. Zuwa nan haɗin ya yi amfani, domin bekta ita kaɗai da Lakwaja za ta fara kawowa, BM25 ce ta dawo da Yaba gaba.

Takarda C ce abin lura. Rahoto ne na gaske kan lamarin, amma marubucin ya ambaci sunan ƙauye kawai, ya ce ruwa ya yi gyara, shinkafa da masara sun nutse. Bekta ta sa ta ta 2, ba ta fito a jerin BM25 ba sam, makinta 1/62 = 0.0161. Takarda D kuwa doguwar maƙala ce kan kasafin kuɗin Birnin Tarayya, ta ambaci Abaji sau ɗaya da ambaliya sau ɗaya. Ita ce ta 30 a BM25, ta 40 a bekta, makinta 1/90 + 1/100 = 0.0211. Ke nan D, wadda ba ta amsa tambayar ba, ta hau kan C. Kuma ba ita kaɗai ba, duk takardar da ke irin matsayinta za ta hau, har C ta faɗo daga shafin farko.

Wannan ba tsautsayi ba ne, daga ƙa'idar ya fito. Takardar da ke matsayi r a jeri biyu tana rinjayar wadda ke ta 1 a jeri ɗaya matuƙar:

```
2/(k + r) > 1/(k + 1)   ⇒   r < k + 2
```

Idan k tana 60, zama ta 61 a jerin biyu ya fi zama ta farko a jeri ɗaya. A gwajin 2009 an haɗa jerin tsare-tsare masu yawa ne, inda amincewar da yawa shaida ce mai ƙarfi, kuma k babba tana hana tsari ɗaya da ya kauce ya ɓata sakamako. A nan jeri biyu ne kacal, kuma an haɗa su ne musamman don kowanne ya kamo abin da ɗayan ya rasa. A ganina ɗaukar 60 haka kawai rufe ido ne ga wannan bambanci.

Idan aka mayar da k 10, A ta samu 0.162, B 0.144, C 0.083, D 0.045. C ta dawo ta uku a cikin huɗun nan. Yanke kowane jeri a takardu 20 kafin haɗawa ma yana fitar da D, sai dai yana iya zubar da takarda mai amfani da ke ta 25. Ƙaramar k ma tana da tsada: kuskuren da hanya ɗaya ta sa a kan gaba, kamar labarin Yaba ta Legas, zai yi sama shi ma.

Gano matsalar

Kafin a taɓa k, a duba ko rashin C a BM25 daga rubutu ya taso. Ana rubuta ƙasa da kasa da k'asa a taska ɗaya, kuma daidaitawar NFKD ba ta cire lanƙwasar ƙ, ɗ, ɓ. Tacewar ASCIIFoldingFilter ta Lucene tana cire ta, amma sai ƙafa da kafa su zama ɗaya. Abin da ya fi shi ne a ajiye siffofin biyu, a ba ta asali nauyi mafi yawa.

Bayan haka a tara tambayoyin da masu jin Hausa suka tantance amsoshinsu, a raba takardun da suka dace gida uku: waɗanda jerin biyu suka samo, na BM25 kaɗai, da na bekta kaɗai. Alamar cutar ita ce Recall@100 ya ƙaru bayan haɗi, amma nDCG@10 ya tsaya ko ya ragu a tambayoyin da amsarsu ke gida na biyu ko na uku. Matsakaicin dukkan tambayoyi yakan ɓoye wannan, don haka a ware masu ɗauke da sunayen ƙauyuka a auna su daban.

RRF ba ta san tazarar da ke tsakanin ta 1 da ta 2 ba, ko da BM25 ta fifita A nesa ba kusa ba. Bruch da Gai da Ingber, a 2023, sun nuna cewa RRF tana jin sauyin k, kuma daidaita maki sannan a tara su da nauyi ya fi ta a gwaje-gwajensu, da misalan horo kaɗan. Ga taskar Hausa da ba ta da ko tambaya ɗaya da aka tantance, RRF ce mafari. Da zarar an samu tambayoyin, sai a gwada k a 10 da 20 da 60 tare da tara maki da nauyi, a zaɓa bisa sakamakon tambayoyin sunayen wurare.