Shin kallon fina-finan batsa yana jawo raunin gaba? Abin da bincike ya nuna

Tun da wayoyin hannu masu intanet suka yaɗu, ana yawan jin cewa kallon fina-finan batsa yana kashe gaban namiji. Samari da yawa da ke shirin aure, da ma magidanta, suna cikin fargabar cewa sun yi wa kansu lahanin da ba zai gyaru ba. Binciken likitoci da masana halayyar ɗan Adam bai tabbatar da cewa kallon kaɗai yana jawo raunin gaba ba. Abin da ya fi fitowa fili shi ne, matsalar ta fi yawa ga waɗanda kallon ya fi ƙarfinsu, ko suke cikin damuwa a kansa. Wannan bambanci ne yake nuna inda za a nemi magani.

Me ake nufi da raunin gaba

Likitoci suna kiran abu raunin gaba ne idan namiji ya kasa samun miƙewa, ko ya kasa riƙe ta har a gama saduwa, kuma hakan ya ci gaba da faruwa na tsawon aƙalla wata uku. Kasawa sau ɗaya ko biyu saboda gajiya, rashin barci ko ɓacin rai ba ciwo ba ne. Haka kuma saurin inzali, jinkirin inzali da ƙarancin sha'awa matsaloli ne daban, ko da yake a hira akan haɗa su duka a ce "rashin ƙarfi".

Miƙewa aikin jini ne. Idan sha'awa ta motsa, ƙwaƙwalwa tana aika saƙo ta jijiyoyi, hanyoyin jinin gaba su saki, jini ya cika ya tsaya. Tsoro yana yin akasin haka: yana sakin sinadarin adiranalin, wanda ke matse waɗannan hanyoyi. Saboda haka matsalar tana iya zuwa daga jiki, kamar ciwon suga, hawan jini, shan taba da wasu magunguna, tana kuma iya zuwa daga tunani. Sau da yawa su biyun ne suke haɗuwa.

Abin da manyan bincike suka gano

A 2015, Ivan Landripet da Aleksandar Štulhofer sun duba amsoshin maza kusan 4,000 daga Kuroshiya, Nowe da Fotugal. Ba su sami wata hujja mai ƙarfi da ke haɗa yawan kallo da raunin gaba ba. A 2019, Joshua Grubbs da Mateusz Gola sun ƙara wani mataki: sun bi wani rukunin maza a Amurka tsawon shekara guda. Kallon shi kaɗai bai nuna wanda zai samu matsala ba. Amma mazan da suka ce kallon ya zame musu matsala sun fi ba da rahoton raunin gaba, ba tare da an ga alamar cewa ɗayan ne ya haifar da ɗayan ba.

A 2021, masu bincike na jami'ar Antwerp a Beljiyam sun buga sakamakon tambayoyin da suka yi ta intanet ga maza 3,419 'yan shekara 18 zuwa 35. Kusan kashi 21 cikin ɗari na masu saduwa a cikinsu suna da wani mataki na raunin gaba, kuma waɗanda alamun kasa dainawa suka fi bayyana a gare su sun fi fama da shi. Yawan istimna'i kuwa bai zama abin da ya bambanta su ba.

A ɓangaren masu cewa batsa ce sanadi, an fi ambaton wata maƙala ta 2016 da likitocin sojan ruwan Amurka suka rubuta tare da wasu. Ta kawo labarin majinyata uku, biyu daga cikinsu sun samu sauƙi bayan sun rage ko sun daina. Irin wannan labari yana nuna abin da zai iya faruwa ga mutum, amma mutum uku ba sa isa a yanke hukunci kan miliyoyi.

Yawancin binciken nan tambayar mutane ake yi a lokaci guda, shi ya sa ba ya nuna abin da ya fara zuwa. Namijin da yake kasawa da matarsa yana iya komawa ga waya don gudun kunya, a nan raunin ne ya kawo kallon. Ciwon damuwa ko kaɗaici kuma suna iya haifar da duka biyun.

Sabo: yadda sha'awa take koyon abin da za ta amsa wa

Masu cewa batsa tana lalata gaba sun dogara ne kan abu biyu da aka gwada a ɗakin bincike. Na farko shi ne gajiya da maimaici. A 1993, Eric Koukounas da Ray Over a Ostiraliya sun yi ta nuna wa maza yanki ɗaya na fim, suna auna miƙewarsu. Tana ta raguwa da kowane maimaici, amma da aka sa sabon yanki sai ta dawo nan take. Wannan yana bayyana dalilin da mai kallo yake tsalle daga wannan bidiyo zuwa wancan. Sai dai gwajin na zama ɗaya ne, bai auna abin da ke faruwa tsakanin miji da mata bayan watanni ba.

Na biyu shi ne haɗa sha'awa da wata alama. A 1966, Stanley Rachman a Birtaniya ya riƙa nuna wa maza uku hoton takalmin mata kafin hoton tsiraici, har takalmin kaɗai ya fara motsa su. Da aka ci gaba da nuna takalmin ba tare da ɗaya hoton ba, sai amsar ta ɓace. A gwajin ɓeraye a Kanada, James Pfaus da abokan aikinsa sun ga cewa namijin da ya fara saduwa da mace mai ƙamshin almon yakan fifita mai wannan ƙamshi daga baya. A wajen ɗan Adam, gwaje-gwajen da suka biyo baya sun nuna cewa irin wannan koyo yana faruwa, amma yawanci ba shi da ƙarfi, kuma yana gushewa idan aka daina ƙarfafa shi.

Darasin a nan iri biyu ne. Yana yiwuwa mutumin da ya shafe shekaru yana samun gamsuwa ta hanya ɗaya tak, shi kaɗai, da waya a hannu, da sauya hoto kowane minti, da matsi mai ƙarfi da sauri, ya ga jikinsa bai amsa yadda ya saba ba a saduwa ta gaske. Likitocin jima'i sun daɗe suna lura da irin wannan salo na istimna'i ga masu jinkirin inzali. Amma abin da aka koya ana iya sauya shi, kuma ba a nuna cewa kallo yana lalata jijiya ko hanyar jinin gaba ba.

Rawar fargaba da jin laifi

Binciken Grubbs ya nuna cewa mutumin da yake kallo alhali ya yi imani haramun ne yakan ɗauki kansa a matsayin wanda ya kamu, ko da kallonsa kaɗan ne. Wannan ya shafi al'ummomin da addini yake da ƙarfi a cikinsu. Hukuncin addini a kan batsa batu ne mai zaman kansa, bai dogara da sakamakon asibiti ba. Ta fuskar jiki dai, wanda ya shiga ɗaki yana tunanin ya riga ya lalata kansa yana sa ido kan gabansa maimakon matarsa, tsoro ya matse hanyoyin jini, ya kasa, kasawar kuma ta ƙara masa tsoron gobe.

Hukumar Lafiya ta Duniya, wadda ake kira OMS a Faransanci, ta sa matsalar kasa sarrafa sha'awar jima'i a sabon kundin cututtukanta da ya fara aiki a 2022. Sharaɗin shi ne mutum ya yi ta ƙoƙarin dainawa ya kasa tsawon lokaci, kamar wata shida ko fiye, har abin ya taɓa aikinsa ko iyalinsa. Kundin ya ce damuwar da ta taso daga jin laifi kaɗai ba ta isa a kira ta wannan ciwo ba.

Yadda ake gane inda matsalar take

A ɗauki misalin ango ɗan shekara 27, wanda ya yi shekara takwas yana kallo kusan kullum. Sati shida da aure, gabansa yana miƙewa da farko, sai ya kwanta da an zo saduwa. Tambayar farko da likita zai yi masa ita ce ko yana farkawa da miƙewa da asuba. Lafiyayyen namiji yakan samu miƙewa sau uku zuwa biyar a dare cikin barci, ba tare da ya sani ba. Idan tana nan, kuma yana samunta cikakkiya idan yana shi kaɗai, to jijiyoyi da hanyoyin jini suna aiki. Matsalar da ta zo farat ɗaya, a yanayi ɗaya kawai, ta fi kama da ta fargaba ko sabo.

Duk da haka za a auna masa hawan jini da sugan jini, a tambaye shi ko yana shan taba, giya ko tiramol, domin yawan shan tiramol yana rage sha'awa da ƙarfin gaba. Idan komai lafiya, akan ba shi shawarar ya ajiye kallo na makonni, ya lura da canji. Babu wani adadin kwanaki da bincike ya tabbatar. Kwana 90 da ake yaɗawa a intanet ba daga gwajin asibiti ya fito ba. A lokaci guda, akan shawarci ma'auratan su yi kwanaki suna wasa da shafar juna ba tare da niyyar saduwa ba, hanyar da William Masters da Virginia Johnson suka fito da ita don cire wa namiji jin cewa jarrabawa yake zaunawa. Gaya wa amarya gaskiyar cewa fargaba ce yana hana ta zargin kanta ko zargin sammu.

Lissafin yana sauyawa idan mai ƙorafin magidanci ne ɗan shekara 48, wanda rauninsa ya zo a hankali cikin shekara biyu, a kowane yanayi, kuma miƙewar asuba ta ɗauke. Ko da yana kallo, ɗora laifin a kan waya haɗari ne. Hanyoyin jinin gaba sun fi na zuciya ƙanƙanta, don haka sukan riga nuna toshewa, wani lokaci shekara biyu zuwa biyar kafin ciwon zuciya ya bayyana. Wannan mutum gwajin suga, kitsen jini da zuciya yake bukata.

Gargaɗi kan magunguna

Sildenafil, wanda aka fi sani da Viagra, yana taimaka wa jini ya shiga gaba, amma ba ya kawo sha'awa kuma ba ya canza sabo. Haɗa shi da magungunan ciwon ƙirji masu nitirat yana iya faɗar da hawan jini har ya kai ga mutuwa. Hukumomin kula da magunguna a ƙasashe da dama sun sha gano shi a ɓoye cikin kayan "ƙarfin maza" da ake tallatawa a matsayin na gargajiya, ba tare da an rubuta adadinsa ba. Wanda matsalarsa ta wuce wata uku, ko yake da ciwon suga ko hawan jini, ya fara da likitan asibiti mafi kusa, wanda zai iya tura shi wurin likitan mafitsara idan da bukata. Miƙewar da ta wuce awa huɗu bayan shan kowane irin magani kuwa, ta gaggawa ce, a tafi asibiti nan take.