Lissafin Ƙasar Rami Mai Gangara da Tasirin Kumburinta ga Yawan Sawun Tifa a Suleja

Tsakure

Maƙalar ta bi lissafin rami ɗaya mai gangara, irin wanda ake haƙa wa tankin ruwa na ƙarƙashin ƙasa a Suleja. Ta nuna cewa ramin kubik mita 360 yana fitar da ƙasar da ta kai kubik mita 450, wato sawu 45 na tifa maimakon 36.

Gabatarwa

Tun da gwamnatin tarayya ta koma Abuja a 1991, gine-gine suke ta ƙaruwa a Suleja da Madalla. Inda ake yawan samun saɓani tsakanin mai gini da ɗan kwangila shi ne wajen kwashe ƙasa: an yi ciniki a kan girman rami, sai a ga tifa tana ta kai-komo fiye da yadda aka tsara. Sau da yawa babu ha'inci a ciki, lissafin ne ya tashi a karkace.

Girman Ramin

Jar ƙasar yankin takan tsaya cak da rani, har mutum ya ɗauka bango ne. Da zarar damina ta jiƙa ta, gefen ramin da ya zarce tsayin mutum yana iya ruftawa kan lebura. Shi ya sa ake kwantar da gefen. Misalin da aka ɗauka a nan rami ne mai zurfin mita 3, gindinsa mita 10 da mita 6, kuma kowace mita ɗaya ta zurfi gefen yana buɗewa da mita ɗaya. Bakin ramin ke nan ya zama mita 16 da 12, tsakiyarsa kuma 13 da 9.

Faɗin gindi (A1) murabba'in mita 60 ne, na baki (A2) 192, na tsakiya (Am) 117. Ƙa'idar da ta dace da wannan siffa ita ce:

```
V = h/6 × (A1 + 4Am + A2)
V = 3/6 × (60 + 468 + 192) = 360
```

Wanda ya auna gindi kaɗai zai samu 180, rabin gaskiya ke nan. Wanda kuma ya haɗa baki da gindi ya raba biyu zai samu 378. Wannan rarar ta 18 daga kusurwoyi huɗu take fitowa, domin a can gefuna biyu suke tsukewa lokaci guda. Dole a samo Am daga tsawo da faɗin tsakiya, ba daga matsakaicin A1 da A2 ba. In aka yi amfani da matsakaicin, an koma 378 ɗin nan.

Kumburin Ƙasa

Ƙasar da take kwance a mazauninta a danƙare take. Katafila na cakarta sai ta farfashe, iska ta shiga tsakanin ɓarɓashi. Nauyinta yana nan yadda yake, wurin da take ci ne ya ƙaru. Littattafan aikin injiniya sukan ba yashi kumburin kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari, ƙasa ta yau da kullum kusan 25, yumɓu 30 zuwa 40, fasasshen dutse kuwa 50 ko fiye. Wannan na ƙarshe ya shafi Suleja, garin da yake zaune kusa da Dutsen Zuma, inda mai haƙa zai iya cin karo da dutse kafin ya kai zurfin da yake nema.

Da kashi 25, 360 × 1.25 ya ba da 450. Tifar da take ɗaukar kubik mita 10 za ta yi sawu 45. Sawu tara ke nan babu su a kasafin wanda ya manta da kumburi. Haka nan mai son gane girman rami daga yawan sawu, rabawa zai yi da 1.25. In ya cire kashi 25 daga 450, 337.5 zai samu, ya tauye wa mai haƙa haƙƙinsa.

Akwai iyaka ga wannan lissafi. In kowane kubik mita na ƙasar a mazauninta ya kai tan 1.9, cikakkiyar tifa tana ɗauke da kusan tan 15. Jiƙaƙƙiyar ƙasar watan Agusta ta fi haka nauyi, don haka direba kan rage lodi, sawu kuma ya ƙaru.

Auna Kumburi a Wurin Aiki

A ganinmu, alƙaluman littafi mafari ne kawai, gwajin fili ya fi su. A haƙa ɗan rami mai miƙaƙƙen gefe, mita 1 da mita 1, zurfin rabin mita, wato lita 500. A riƙa zuba ƙasar a bokitin lita 20, a share bakinsa da katako ba tare da dannawa ba. Da babu kumburi, bokiti 25 za a samu. In aka ƙirga 31, lita 620 ke nan, kumburin kashi 24. A maimaita gwajin duk inda launin ƙasa ya sauya a jikin ramin.

Muna kira ga masu gini da 'yan kwangila a Suleja su rubuta a takardar yarjejeniya ko da awon rami za a biya ko da sawun tifa, su kuma auna cikin tifar da tef kafin katafila ta fara aiki.