Hutun haraji ga masana'antu: Nawa ake asara, kuma shin yana jawo masu zuba jari?

Hutun haraji shi ne gwamnati ta yafe wa kamfani biyan harajin riba na wasu shekaru, da nufin jan hankalinsa ya kafa masana'anta. A Nijeriya tsarin ya samo asali ne daga wata dokar zamanin mulkin mallaka ta 1952, wadda aka yi domin tallafa wa masana'antun share fage, wato waɗanda suka shiga fannin da bai bunƙasa a ƙasar ba. Dokar 1971 ce ta daɗe tana tafiyar da shi, kuma daga baya Hukumar Bunƙasa Zuba Jari ta Ƙasa, NIPC, ta riƙa ba da takardar shaidar. Kamfanin da ya cancanta yakan samu hutun shekara 3, ana iya ƙara masa har 2, ya zama 5. Ribar da ya raba wa masu hannun jari daga abin da ya samu a wannan lokaci ita ma ba a cire mata haraji.

Yadda asarar take aukuwa

Babban kamfani a Nijeriya yana biyan kashi 30 cikin ɗari na ribarsa. A ɗauka, a matsayin misali, an kafa kamfanin casar shinkafa da jarin naira biliyan 10, yana cin ribar biliyan 2 a shekara. Harajinsa na shekara zai kama miliyan 600. Idan aka ba shi hutun shekara 5, gwamnati ta haƙura da biliyan 3 ke nan.

Asarar ba ta tsaya nan ba. Doka ta ba kowane kamfani damar cire kuɗin da ya kashe kan injina da gine-gine daga ribarsa, sannu a hankali, kafin a yanka masa haraji. A tsarin share fage ana ajiye wa kamfani wannan dama har hutun ya ƙare, sannan ya fara cin moriyarta. Saboda haka ko a shekara ta 6 da ta 7 abin da zai biya kan kasance kaɗan.

Wannan kuɗi ba na Gwamnatin Tarayya ba ne ita kaɗai. Harajin kamfanoni yana shiga asusun tarayya ne, inda jihohi ke da kashi 26.72, ƙananan hukumomi kuma kashi 20.60 na abin da ake rabawa. Duk abin da aka yafe a Abuja, kusan rabinsa daga kason jihohi da ƙananan hukumomi ya fita, wato daga inda ake biyan albashin malamai da ma'aikatan asibiti. Ga shi kuma ba ya bayyana a jerin kuɗin da aka kashe, domin bai taɓa shigowa ba, balle majalisa ta yi muhawara a kansa kamar yadda take yi kan kwangilar titi.

Tambayar da ke raba gardama

Ma'aunin hutun haraji guda ɗaya ne: da ba a ba kamfanin nan ba, shin da zai kafa masana'antar? Idan da ba zai kafa ba, gwamnati ba ta yi asarar komai ba, domin babu ribar da za ta yanka wa haraji tun farko. Idan kuwa da ma zai kafa, to kyauta aka yi masa.

Mu koma ga misalinmu. A ce kamfanoni 10 irin wancan suka samu hutun, amma 2 ne kawai hutun ya jawo, sauran 8 kuwa kasuwar shinkafa ce ta kawo su. Abin da aka yafe wa waɗannan 8 ya kai biliyan 24. Ke nan kowace masana'anta ɗaya da aka jawo da gaske ta ci wa baitulmali biliyan 12, alhali jarinta biliyan 10 ne. Da gwamnati ta sayi injinan ta ba da kyauta, da ya fi mata arha.

Dalilin da ya sa hakan ke yawan faruwa yana cikin tsarin kansa. Hutun haraji yana amfanar mai riba ne kawai. Masana'antar da ke buƙatar shekaru tana ɗawainiya kafin ta fara cin riba, wadda ita ce ta fi bukatar tallafi, ba ta da harajin da za a yafe mata a shekarun farko. Wanda ya fi cin gajiya shi ne mai samun riba da wuri, kuma irinsa ba sai an roƙe shi ba.

Abin da tarihi ya nuna

Mai zuba jari yana fara duba wutar lantarki, hanya, tsaro, samun kuɗin waje da girman kasuwa. Haraji yana zuwa ne bayan an samu riba. Masaƙun Kaduna da masana'antun Sharaɗa, Challawa da Bompai a Kano ba harajin riba ne ya durƙusar da mafi yawansu ba. Rashin wuta, tsadar man injina da atamfofin fasa-ƙwauri masu arha ne suka cinye ribar kanta.

Ƙasar Sin ta ba da darasi ta wata fuskar. Daga farkon 2008 ta daidaita harajin kamfanonin gida da na waje a kan kashi 25, ta kuma fara janye hutun da take ba baƙi. Duk da haka jarin waje ya ci gaba da kwarara can a shekarun da suka biyo baya, domin kasuwa, ma'aikata da tashoshin jiragen ruwa suna nan.

Wannan ba ya nufin sassauci ba ya tasiri sam. Yana iya karkatar da shawara idan kamfani mai sarrafa kaya domin fitarwa waje yana zaɓe tsakanin ƙasashe biyu masu kama da juna. Tasirinsa yana raguwa ƙwarai a kan wanda ya zo domin ma'adinai ko domin masu sayen cikin gida, tun da ba zai same su a wani wuri ba.

Alamun an ci amanar tsarin

Masu binciken haraji suna lura da abubuwa biyu. Na farko, mutum ya mallaki kamfani mai hutu da wani marar hutu, sai ya riƙa sayar da kaya tsakaninsu a farashin da zai tara ribar duka a wurin mai hutun. Alamarsa ita ce riba mai yawa a shekarun hutu, sannan ta faɗi warwas da zarar ya ƙare. Na biyu, tsohuwar masana'anta ta sauya suna ta sake rajista a matsayin sabuwa, da injinanta da ma'aikatanta na da. Wanda ke ji a jikinsa shi ne abokin gasarsu da ke biyan cikakken haraji.

Sabon tsari

Dokokin harajin da Shugaba Bola Tinubu ya sanya wa hannu a watan Yunin 2025, waɗanda aka tsara su fara aiki a Janairun 2026, sun maye gurbin tsarin share fage da wani na dabam. A maimakon yafe harajin riba gaba ɗaya, kamfanin da ya zuba jari a fannonin da aka fifita zai riƙa rage kashi 5 cikin ɗari na kuɗin da ya kashe kan kayan aiki daga harajinsa, kowace shekara, har shekara 5.

Kamfanin shinkafar namu zai samu miliyan 500 a shekara. Wani kuwa mai irin ribarsa, amma da ya zuba biliyan 1 kacal, zai samu miliyan 50 ne, ba 600 ba. Sassaucin ya koma bin girman jari, ba girman riba ba, kuma ana iya sanin iyakarsa tun farko. Sai dai bai warware matsalar ba wa wanda da ma zai zo ba, kuma yana buƙatar jami'ai su tabbatar injinan da aka rubuta a takarda suna nan a masana'anta, a kan farashinsu na gaskiya.