Yadda ake gano lokacin wasa kai tsaye da agogon Najeriya

Sau da yawa akan sanar da lokacin fara wasan ƙwallon ƙafa ko wani shiri na kai tsaye da agogon ƙasar da za a yi shi, ko na ƙasar da tashar talabijin take. Mai kallo da ya ɗauki lokacin yadda ya gan shi yana iya isa gidan kallo an riga an tafi hutun rabin lokaci. Hanyar kauce wa haka ita ce a mayar da lokacin zuwa agogon GMT, sannan a dawo da shi agogon gida.

Najeriya tana gaban GMT da awa ɗaya a duk tsawon shekara, kuma ba ta sauya agogonta. Shi ne ake rubutawa WAT ko GMT+1 a fuskar talabijin da waya. Nijar da Kamaru da Chadi duk a kan wannan agogo suke. Ghana kuwa tana kan GMT, Sudan kuma tana gaban GMT da awa biyu.

Lissafin mataki biyu ne. Da farko a cire tazarar ƙasar da ta yi sanarwa idan tana gaban GMT, ko a ƙara ta idan tana baya. Daga nan sai a ƙara awa ɗaya ta Najeriya. Wasan ƙarshe na gasar cin Kofin Duniya da Ajantina da Faransa suka buga a filin Lusail ranar 18 ga Disamba, 2022, an fara shi ne da ƙarfe 6 na yamma agogon Qatar. Qatar tana gaban GMT da awa uku, don haka idan aka cire ukun sai a sami ƙarfe 3. Ƙara awa ɗaya ya ba da ƙarfe 4 na yamma a Kano da Abuja. Haka ake yi wa agogon Saudiyya, domin ita ma awa uku take gaban GMT.

Inda aka fi yin kuskure shi ne a wasannin Turai, saboda a can ana sauya agogo sau biyu a shekara. Ana tura shi gaba da awa ɗaya a Lahadin ƙarshe ta watan Maris, a mayar da shi baya a Lahadin ƙarshe ta Oktoba. Daga ƙarshen Maris zuwa ƙarshen Oktoba agogon Birtaniya, wanda a lokacin ake rubutawa BST, daidai yake da na Najeriya. Wasan Firimiya na ƙarfe 3 na ranar Asabar a watan Satumba ƙarfe 3 ne a nan, amma a Disamba sai ƙarfe 4.

Sifaniya da Italiya da Jamus da Faransa suna gaban Birtaniya da awa ɗaya. A lokacin hunturunsu agogonsu, wato CET, ya yi daidai da namu, da bazara kuma su wuce mu da awa ɗaya, a rubuta CEST. Shi ya sa wasan Gasar Zakarun Turai na ƙarfe 9 na dare agogon tsakiyar Turai yake zuwa ƙarfe 9 a Najeriya a watan Fabrairu, amma ƙarfe 8 a Afrilu. Wasu shafuka kan rubuta CET ko GMT duk shekara bisa sabo, don haka a dubi watan da ake ciki kafin a amince da haruffan. Haka nan idan tashar da ake kallo ta rubuta CAT, wato agogon da ya yi daidai da na Afirka ta Kudu, awa ɗaya ake cirewa a kowane wata.

Wasannin Amurka kuwa sukan tsallaka zuwa washegari. A watan Yuni birnin Los Angeles yana bayan GMT da awa bakwai. Wasan da aka sa ƙarfe 6 na yammacin Juma'a a can, idan aka ƙara bakwai ya zama ƙarfe 1 na dare agogon GMT, wato ƙarfe 2 na dare a Najeriya, bayan Asabar ta shiga. Wanda ya ga an rubuta Asabar ya jira daren Asabar, zai tarar an gama wasan tun kafin asubahin ranar.

Manhajojin wasanni da dama suna sauya lokaci da kansu bisa agogon wayar mai karatu. Idan wayar tana kan GMT+1, lokacin da ta nuna na Najeriya ne, kuma sake ƙara masa awa ɗaya zai sa mutum ya makara. A kuma bambanta lokacin fara shiri da na take wasa, domin tashoshi sukan buɗe da sharhi kafin alƙalin wasa ya busa usur.